Burodin Alkama Ko Burodin Rini? Yadda Ake Rarrabewa Ta Hanyar Karanta Jikin Leda

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a teburin mai shayi a Gummi ko Anka ko Bukkuyum da sassafe, zai ga burodi jere cikin leda, yawancinsa fari tas idan aka yanka. A manyan kantuna na Gusau da Sakkwato kuwa, akan ga wani iri mai duhu-duhu, launin ƙasa, wanda ake kira burodin alkama, kuma yakan fi fari tsada. Jama'a na sayen sa da zaton an yi shi da garin alkama wanda ba a cire wa dusa ba. Ɗan da ya tashi daga birni zai koma 'Yargalma yakan yi wa mahaifinsa tsarabarsa, musamman idan likita ya ce dattijon na da ciwon sukari ko yawan taurin bayan gida.

Matsalar ita ce launi ba shaida ba ne. Ana iya kwaɓa fulawa fara, a zuba mata ɗan ƙonannen sukari, a gasa, burodi ya fito da duhun da ido ba zai bambanta shi da na gaske ba daga nesa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan maƙala za ta yi bayanin abubuwa biyu da ke rubuce a jikin leda waɗanda suka fi ido gaskiya, wato jerin kayan haɗi da kuma adadin harza. Kafin nan sai an san abin da ke cikin ƙwayar alkama, domin a nan ne duk bambancin ya samo asali.

Ƙwayar Alkama Da Sassanta Uku

Idan aka jiƙa ƙwayar alkama ta kwana, aka tsaga ta gida biyu da reza, za a iya ganin sassa uku. Na farko shi ne ɓawo na waje, mai launin ja-ja, wanda idan aka raba shi da ƙwayar ake kira dusa. Nauyinsa kamar kashi 14 ne cikin 100 na ƙwayar. Na biyu shi ne farar tsoka ta ciki, wadda ta kai kamar kashi 83 cikin 100, kuma mafi yawanta sitaci ne tare da furotin ɗin da ke sa kwaɓi ya yi danƙo. Na uku shi ne ido, ɗan ƙaramin sashe a gindin ƙwayar, inda tsiro ke fitowa idan an shuka. Bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, amma a nan mai yake, tare da bitamin E.

Harza, wadda ma'aikatan asibiti ke kira faiba, ita ce ɓangaren abincin tsiro da ƙaramin hanjin ɗan'adam ba ya iya narkarwa. Takan wuce zuwa babban hanji, ta riƙe ruwa, ta ƙara wa bayan gida auki da laushi, wani sashenta kuma ya zama abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a can. Mafi yawan harzar alkama a cikin dusa take. Haka kuma kaso mai yawa na bitamin B da sinadarin ƙarfe da maganiziyam a dusa da ido suke.

Mace Bahaushiya ta san wannan aiki ba tare da an kira masa sunan kimiyya ba. Idan ta yi surfen gero ko dawa a turmi, ta bakace, dusa ce take rabawa da tsaba, kuma gwargwadon yadda ta surfa gwargwadon yadda tuwo zai yi haske da santsi. Abin da masana'antar fulawa ke yi ke nan, sai dai nata surfen ya fi na turmi tsanani nesa ba kusa ba. Injin niƙa mai amfani da gangunan ƙarfe, wanda ya bazu a Turai da Amurka daga shekarun 1870, yana fasa ƙwayar a hankali, yana tankaɗewa sau da yawa, har farar tsoka ta rabu da sauran. Daga kilo 100 na alkama akan sami kilo 72 zuwa 76 na fulawa fara. Saura ya tafi abincin kaji da dabbobi. Irin wannan niƙa ake yi a manyan masana'antun Nijeriya, tun daga ta Apapa a Legas wadda ta fara aiki a 1962, kuma mafi yawan alkamar daga ƙasashen waje ake shigowa da ita, ko da yake ana noma ta da rani a wurare irin su Kadawa a Kano da Bakolori a Talatar Mafara.

Masu niƙa na da dalilinsu. Man da ke cikin ido yakan lalace ya yi ɗaci idan gari ya daɗe a ajiye, musamman a ƙasa mai zafi. Dusa kuma tana tsinka danƙon kwaɓi, sai burodi ya ƙi tashi sosai. Fulawa fara ta fi jure ajiya, ta fi ba da burodi mai girma da laushi. Amma farashin haka shi ne harza: giram 100 na garin alkama cikakke na ɗauke da kamar giram 11, alhali giram 100 na fulawa fara bai wuce giram 3 ba. Saboda haka, ma'anar burodin alkama na gaske ita ce wanda aka yi da garin da ya ƙunshi dusa da tsoka da ido, bisa gwargwadon da suke a cikin ƙwaya.

Daga Ina Duhun Burodi Yake Fitowa?

Hanyoyi uku ne ke sa burodi duhu, kuma ɗaya ce kawai take da alaƙa da harza.

Ta farko ita ce wutar tanderu. Idan sukari da furotin suka haɗu a cikin zafi, sukan haifar da sinadarai masu launin ƙasa da ƙanshi. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan a 1912. Shi ya sa bayan kowane burodi, da na gurasa, yake da duhu, ko da cikinsa fari ne. Don haka bayan burodi ba ya nuna komai.

Ta biyu ita ce dusa. Wannan shi ne duhu na gaskiya, kuma ba mai tsanani ba ne. Burodin da aka yi da garin alkama cikakke yakan yi launin toka-toka zuwa ja-ja, mai ɗige-ɗige, kamar launin kwaɓin alkaki kafin a soya. Akwai ma nau'in alkama mai farin ɓawo, wanda burodinsa ke fitowa da haske ko da ba a cire masa komai ba.

Ta uku ita ce ƙari. Mafi shahara shi ne karamel, wato sukarin da aka dafa har ya ƙone ya yi baƙi. Shi ne ke ba lemon kwalba mai duhu launinsa. Wasu kan yi amfani da baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an tace sukari, ɗan'uwan mazarƙwaila, ko garin koko, ko ruwan tsiron sha'ir. Ɗan kaɗan daga cikin waɗannan ya isa ya rina kwaɓi mai yawa. Karamel ba guba ba ne, an yarda da amfani da shi a abinci bisa ƙa'ida. Illarsa a nan ita ce yana sa mai saye ya biya kuɗin abin da bai samu ba.

Shaida Ta Farko: Jerin Kayan Haɗi

Akwai ƙa'ida guda wadda duk wanda ya riƙe ta ya riƙe rabin karatun. Ba a rubuta kayan haɗi yadda aka ga dama. Ana jera su ne bisa nauyi, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kamar yadda aka auna su lokacin haɗawa. Wannan ƙa'ida tana cikin ma'aunin Kodes na 1985, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da shi, kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sanya ta cikin dokokinta na rubutun jikin abincin da aka ƙunshe. Ke nan abin da ya zo farko shi ya fi yawa a cikin burodin, abin da ya zo ƙarshe kuwa ɗan barbaɗe ne.

Da yake da Ingilishi ake rubuta jerin a Nijeriya, dole ne ɗalibi ya san kalmomi kaɗan yadda suke a jikin leda. Jerin yakan fara da kalmar “Ingredients”. Kalmar da ake nema bayanta ita ce “whole”, wadda ke nufin cikakke. Idan abu na farko shi ne “whole wheat flour” ko “wholemeal flour”, to garin alkama cikakke ne ya fi yawa. Idan kuwa abu na farko “wheat flour” ne kawai, to wannan fulawa fara ce. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin sun ga sunan alkama. Gaskiya ne fulawa daga alkama take, kamar yadda farin gari daga dawa yake, amma an riga an surfe ta. Kusan duk burodin da ke teburin mai shayi ana iya kiran sa burodin alkama ba tare da an yi ƙarya ba.

Wani tarkon shi ne kalmar “fortified” ko “enriched”, wato an inganta. Tun 2002 doka ta wajabta wa masana'antun Nijeriya su ƙara wa fulawa bitamin A, kuma ana ƙara sinadarin ƙarfe da wasu bitamin B. Wannan abu ne mai kyau, amma ba a mayar da dusa ba, ba a mayar da ido ba. Fulawar da aka inganta tana nan a matsayinta na fulawa fara.

Bayan abu na farko, sai a duba ko akwai gari iri biyu a jerin. Idan fulawa fara ta zo farko, garin cikakke ya biyo baya, to gauraye ne, kuma farar ta fi yawa. Matsayin garin cikakken yana ba da ƙarin haske. Gishiri a burodi yakan zama kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin gari. Saboda haka duk abin da ya zo bayan gishiri a jeri bai kai wannan ba. Garin alkama cikakke da aka rubuta bayan gishiri, an sa shi ne kawai don sunansa ya hau leda.

Daga nan sai a leƙa ƙarshen jerin a nemi abin rini: “caramel”, ko lambarsa E150, ko “molasses”, ko “cocoa”. Sai dai a lura, samun ɗaya daga cikinsu shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin wasu masu yin burodin gaske ma sukan ƙara ruwan rake don ɗanɗano. Haɗuwar abu biyu ce ke tona asiri: fulawa fara a farkon jeri, abin rini a ƙarshensa.

Manyan kalmomin da ke gaban leda kuwa talla ce. “Brown” launi kawai yake nufi. “Multigrain” na nufin an haɗa hatsi fiye da ɗaya, amma ana iya surfe su duka. A Birtaniya, dokar burodi da fulawa ta 1998 ta hana a kira burodi “wholemeal” sai idan duk garin da aka yi shi da shi cikakke ne, amma ba ta yi wa “brown” irin wannan sharaɗi ba. Wannan na nuna cewa ko a ƙasar da ta tsaurara doka, sunayen biyu ba ɗaya ba ne.

Shaida Ta Biyu: Adadin Harza

Jerin kayan haɗi yana faɗin wane ne ya fi yawa, amma sau da yawa ba ya faɗin nawa ne. A nan ne ɗan jadawalin sinadaran abinci da ke bayan leda yake da amfani. Layin da ake nema shi ne na “fibre” ko “dietary fibre”.

An ambata cewa giram 100 na garin cikakke na da harza kamar giram 11. Amma burodi ba gari ne zalla ba, fiye da sulusinsa ruwa ne. Giram 100 na gari yakan ba da burodi kamar giram 160. Idan aka raba 11 da 1.6 za a sami kusan 7. Wannan shi ne dalilin da ya sa burodin alkama na gaske yake da harza giram 6 zuwa 7 ko fiye a kowane giram 100. Farin burodi kuwa yana tsakanin giram 2 da 3. Abin da ya faɗo tsakanin 3 da 6 galibi gauraye ne. Waɗannan iyakoki sun yi daidai da na Kodes, wanda ya ce ba a kiran abinci mai ɗauke da harza sai ya kai giram 3 a cikin 100, ba a kuma kiran sa mai yawan harza sai ya kai giram 6.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi. Wasu kamfanoni na rubuta adadin bisa giram 100, wasu bisa yanka ɗaya, wasu bisa yanka biyu. Ba a kwatanta burodi biyu sai an mayar da su kan ma'auni ɗaya. Hanyar mai sauƙi ce: a raba adadin harza da nauyin yankan, sannan a ninka da 100.

Akwai kuma wani gwaji na biyu da ba ya buƙatar sanin nauyin yanka. A raba adadin kabohaidiret, wato jimlar sitaci da sukari da dangoginsu, da adadin harza. Idan amsar ta kai 10 ko ta gaza, alama ce mai kyau. Idan ta haura 10 da yawa, fulawa fara ko sukari sun yi rinjaye. Dalili shi ne a garin alkama cikakke, kowane giram 10 na kabohaidiret yana tafe da harza fiye da giram 1. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun gwada wannan ma'auni a kan ɗaruruwan kayan abinci na hatsi, suka buga sakamakon a 2013, inda ya fi sauran ma'aunan da suka kwatanta shi da su iya tsamo abinci mai inganci.

Misali: Burodi Uku A Kan Tebur

A ƙaddara malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a Gummi ya kawo ledojin burodi uku cikin aji, dukansu masu duhu, dukansu an rubuta sunan alkama a gabansu. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, amma irinsu ake gani a kasuwa.

Na farko ya fi duhu. Jerinsa, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne: fulawa, ruwa, sukari, man girki, yis, gishiri, karamel. Jadawalinsa ya nuna kabohaidiret giram 50 da harza giram 2.5 a kowane giram 100. Jerin ya riga ya ba da amsa, domin babu garin cikakke a ciki ko kaɗan, ga kuma rini a ƙarshe. Alƙaluma sun tabbatar: 2.5 adadin farin burodi ne, kuma 50 a raba da 2.5 ya ba da 20, ninkin iyaka. Wannan farin burodi ne da aka rina.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Jerinsa: fulawa, ruwa, garin alkama cikakke, sukari, man girki, yis, gishiri, karamel. Jadawalinsa bisa yanka ɗaya ne mai nauyin giram 40, kabohaidiret giram 19, harza giram 1.6. Da farko ɗalibi zai ce wannan ya fi na farko talauci, tunda 1.6 bai kai 2.5 ba. Kuskure ne, domin ma'aunin ba ɗaya ba ne. Idan aka raba 1.6 da 40, aka ninka da 100, za a sami giram 4. Gwaji na biyu kuma, 19 a raba da 1.6, ya ba da kusan 12. Ke nan ya fi na farko, amma bai kai ba.

Ana ma iya ƙiyasta yawan garin cikakken da ke cikinsa. A ɗauka farin burodi na da 2.5, na gaske na da 7. Tazarar da ke tsakani ita ce 4.5. Wannan burodi ya ɗara fari da 1.5 kawai, kuma 1.5 sulusin 4.5 ne. Wato kamar kashi ɗaya cikin uku na garinsa ne cikakke, kashi biyu fulawa ce. Wannan ya yi daidai da matsayinsa a jeri, bayan fulawa da ruwa. An ƙara karamel ne don ya cike gurbin duhun da dusa ba ta bayar ba.

Na uku shi ne mafi haske a cikinsu, kuma mafi ƙanƙanta, ko da yake ya fi nauyi a hannu. Jerinsa: garin alkama cikakke, ruwa, sukari, man girki, yis, gishiri. Kabohaidiret giram 42, harza giram 6.8 a kowane giram 100. Babu gari na biyu, harza ta haura 6, kuma 42 a raba da 6.8 ya ba da kamar 6. Shaidu biyu sun yi daidai, wannan ne na gaske. Da da ido aka zaɓa, shi za a bari a kanti.

Bambancin ba ƙarami ba ne a cikin ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2023, ta ce baligi da yaron da ya kai shekara 10 suna buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana. Ɗalibin da ya ci giram 150 na burodi na farko da shayi ya sami ƙasa da giram 4. Wanda ya ci giram 150 na na uku ya sami giram 10, wato kashi biyu cikin biyar na buƙatarsa ta yini.

Inda Alƙaluma Kan Iya Yaudara

Me ya sa ba a dogara da adadin harza shi kaɗai? Saboda ana iya ɗaga shi ba tare da garin cikakke ba. Mai gidan burodi na iya zuba dusa, wadda ake rubutawa “bran”, a cikin fulawa fara. Harza za ta haura, ɗige-ɗige za su bayyana, amma ido da mansa da bitamin ɗinsa ba sa ciki. Irin wannan ya fi farin burodi, sai dai bai zama cikakke ba. A ƙasashen waje kuma akan ƙara harzar da aka tatso daga saiwar wasu tsirrai. Jerin kayan haɗi ne ke fallasa duka biyun, domin fulawa ce za ta zo farko. Haka nan, jeri shi kaɗai na iya ɓoye gauraye, inda garin cikakke ya zo farko da ɗan rinjaye kawai, fulawa na biye da shi kusa-kusa. A nan adadin harza ne zai nuna, domin zai tsaya wajen 5. Kowace shaida tana toshe ɓarakar ɗaya.

Hanyar awo ma tana da tasiri. Tsohuwar hanyar da ake auna abincin dabbobi da ita, wadda ake rubuta sakamakonta “crude fibre”, tana tafasa abu a cikin asid da kuma alkali, sai mafi yawan harzar ta narke ta ɓace. Adadinta yakan yi ƙasa ƙwarai, burodin gaske ma ba zai wuce giram 2 ba. Iyakokin 3 da 6 ba su shafe ta ba.

Akwai kuma iyaka ga amfanin burodin kansa, kuma wajibi ne a faɗe ta saboda masu ciwon sukari. Garin cikakke da aka niƙa ya yi laushi sosai yana narkewa da sauri, kuma gwaje-gwaje sun nuna burodinsa na ɗaga sukarin jini kusan kamar yadda fari ke yi. Fa'idarsa tana cikin harza da sinadaran dusa da ido, da abin da suke yi wa hanji da zuciya a tsawon shekaru. Ba magani ba ne, kuma yawan abin da mai ciwo zai ci yana hannun likitansa.

Idan Babu Rubutu A Leda

Mafi yawan burodin da ke isa ƙauyuka irin su 'Yargalma daga ƙananan gidajen burodi yake fitowa, kuma sau da yawa ledarsa ba ta ɗauke da komai sai suna, ko ma babu. A nan sai a koma ga hannu da ido, tare da sanin cewa alamu ne kawai. A yanka burodin a duba cikinsa. Duhun karamel yakan bazu daidai ko'ina, sumul, kamar rinin tufa, alhali na dusa yana da ƙananan ɓarɓashi da ake gani a kuma ji a harshe. A matsa shi: wanda aka rina yana da laushi da rashin nauyi irin na farin burodi, yana dunƙulewa kamar auduga, na gaske kuwa yana da nauyi da ɗan tauri, yana marmashewa. Ɗanɗanon rinanne yakan karkata ga zaƙi, na gaske kuwa yana da ɗan gardi. Waɗannan alamu ba sa iya rarrabe garin cikakke da fulawar da aka zuba wa dusa. Hanya mafi tabbas ita ce a tambayi mai gidan burodin da wane gari yake kwaɓi, a kuma karanta jikin buhun.

Kammalawa

Matakan ba su da yawa. A juya leda, a bar gabanta. A duba abu na farko a jeri ko yana ɗauke da kalmar da ke nufin cikakke. A duba ko akwai gari na biyu, da ko akwai rini a ƙarshe. A mayar da harza kan giram 100, a ga ko ta kai 6. A raba kabohaidiret da harza, a ga ko amsar ba ta wuce 10 ba. Malami na iya mayar da wannan darasin aji ba tare da kayan awo ba: ɗalibai su tattaro ledojin burodi da na biskit da kwalayen hatsin karin kumallo, su jera su bisa duhun abin da ke ciki, sannan su sake jera su bisa adadin harza, su ƙirga wurare nawa jerin biyu suka saɓa.